Takardar koke ga asibiti: wadda ake bincikawa da wadda ake ba wa haƙuri kawai

"Assalamu alaikum. Na je asibiti tun ƙarfe 7 na safe ban ci komai ba, don an ce za a ɗebi jinina. Ban ga likita ba sai wajen ƙarfe 2, ina gani ana shigar da waɗanda suka zo bayana. Da na shiga ko minti biyar ban yi ba, ya ce ciwon suga ne, ya rubuta metformin, ya ce in dawo bayan wata ɗaya. Maganin ya sa ni gudawa da tashin zuciya, bayan kwana uku na daina sha. Ina so in rubuta musu takardar koke, amma ana ce min ɓata lokaci ne. Me zan rubuta da za su ɗauke shi da muhimmanci?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Na yi aikin jinya, daga baya na zauna a teburin da ake karɓar koken marasa lafiya a asibiti, don haka zan faɗa miki yadda takarda irin taki take kasancewa a hannun wanda zai karanta ta. Amma akwai abin da ya fi takardar gaggawa. An ce kina da ciwon suga, kuma yanzu ba kya shan komai. Kada ki jira watan nan ya cika, kada kuma ki jira amsar koke. Ki koma cikin kwanakin nan, ki ce kin daina maganin, ki faɗi dalili. Gudawa da tashin zuciya da kumburin ciki su ne matsalolin da aka fi sani da metformin a farkon shansa, shi ya sa aka saba farawa da kaɗan, galibi miligiram 500, a sha tare da abinci, a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni. Ga mutane da yawa cikin yana lafawa da kansa, wanda bai lafa masa ba kuma akwai nau'in da ke narkewa a hankali, ko a canza masa magani. Likitan da ke riƙe da sakamakon gwajinki, har da na ƙoda, shi zai zaɓar miki, ni daga nesa ba zan iya ba. Idan kuwa kika ji ƙishirwa mai tsanani, ko fitsari ya yawaita, ko amai ya ƙi tsayawa, ko jiki ya mutu kina ta barci, wannan na sashen gaggawa ne a ranar.

Kin ga abin da na rubuta yanzu, bai fi a faɗe shi cikin minti ɗaya ba. Da an faɗa miki shi a ɗakin likita ko a tagar ɗakin magani, da wataƙila kina kan maganinki har yau. A nan ƙarfin takardarki yake.

Koke biyu kike da shi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne

Yawancin masu rubuto mana suna cika shafi da jiran, su bar rashin bayanin a layi ɗaya can ƙasa. Na san dalili: jiran ne ya fi cin rai, awa bakwai a kan benci da yunwa ba abin wasa ba ne. Amma asibiti yana da amsar jira a ajiye tun kafin ki rubuta. Za a ce ranar an yi cunkoso, likitoci sun yi kaɗan, a yi haƙuri. Yawanci ma gaskiya ce, kuma da an faɗe ta magana ta ƙare. Rashin bayani kuwa ba shi da irin wannan amsar. Mara lafiya da aka gano wa ciwon da zai zauna da shi tsawon rayuwa, ya fita bai san yadda zai sha maganinsa ba, ya daina cikin kwana uku, wannan batun lafiyarsa ne kai tsaye, kuma duk shugaban asibitin da ya san aikinsa zai gane haka.

Wasu masu bincike a Landan, Tom Reader da Alex Gillespie da abokiyar aikinsu, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan koken marasa lafiya a 2014, suka raba koken gida uku: wanda ya shafi ingancin magani da kare mara lafiya daga cutarwa, wanda ya shafi tsarin tafiyar da asibiti, da wanda ya shafi mu'amala tsakanin ma'aikaci da mara lafiya. Jira yana gida na biyu. Rashin bayani, in aka bar shi tsurarsa, yana gida na uku, kuma a aikace abin da ya faɗa can yakan ƙare da "za mu ja hankalin ma'aikatanmu". Amma da zarar kin nuna cewa rashin bayanin ne ya kai ga daina magani, ya koma gida na farko, inda ake ɗauko fayil a duba. Saboda haka ki fara takardar da shi, ki nuna abin da ya haifar, jiran ya biyo baya.

Ba alfarma kike nema ba. Sanarwar Lisbon ta Ƙungiyar Likitoci ta Duniya kan haƙƙin mara lafiya, wadda aka fitar a 1981 aka yi mata gyara a 1995, ta ce mara lafiya yana da haƙƙin a sanar da shi halin lafiyarsa, kuma a yi bayanin ta yadda zai fahimta. Ƙasashe da yawa sun sa irin wannan a dokokinsu. Ba sai kin kawo dokar a takardar ba, ni ma ban ba ki shawarar ki kawo ba, amma ki rubuta da natsuwar wadda ta san tana kan gaskiyarta.

Yadda awa bakwai take taruwa

Idan kin san daga ina jiran yake fitowa, za ki san abin da za ki tambaya. Ga lissafi mai sauƙi, na misali. A ce an ba mutum 60 rana ɗaya, duk an ce su zo da safe. Likita biyu ne, kowane mara lafiya yana cin minti 10. Kowane likita zai ga mutum 30, wato minti 300, awa biyar cur. Likitocin kuma ba sa zama ƙarfe 7, sai sun zagaya waɗanda ke kwance tukuna, a ce su zauna ƙarfe 9. Na ƙarshe a layi zai shiga wajen ƙarfe 2, ko da babu wanda ya yi lalaci, babu wanda aka kira sashen gaggawa, babu fayil ɗin da ya ɓata. Jiran yana cikin tsarin tun daga ranar da aka ce kowa ya zo da safe.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun 1952 wani masanin ƙididdiga a Ingila, Norman Bailey, ya nuna da lissafi cewa kiran kowa a lokaci ɗaya yana kare lokacin likita ne ta hanyar cinye lokacin marasa lafiya, ya kuma ba da shawarar a kira mutum biyu a farko, sauran a rarraba su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon tsawon ganin likita. Har yau asibitoci da yawa ba sa yi, wasu don mutane ba sa kiyaye lokacin da aka ba su, wasu don haka aka tarar ana yi. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa "ku ƙara likitoci" ba buƙatar da mai karanta takardarki zai iya biya ba ce, amma "ku rarraba lokacin zuwa" ko "ku fara da masu azumin gwaji" yana hannunsa.

Ki kuma lura da abin da ke faruwa da likitan da ya ga ƙarfe 1 ta wuce, ga mutum goma sha a waje. Zai rage lokacin kowa. Ba zai iya rage karanta sakamako ba, ba zai iya rage rubuta magani ba, abin da ya rage ya yanke shi ne magana. Shi ya sa waɗanda suka fi daɗewa a layi su ne suka fi samun gajeren bayani, kuma su ne suka fi gajiya da yunwar da ba za su iya riƙe ko ɗan abin da aka faɗa ba. Koken naki biyu tushensu ɗaya. Wannan ba ya wanke kowa, amma yana nuna miki cewa takardar da ta ɗora komai kan halin likita ɗaya za ta iya kuskure inda ciwon yake.

Batun waɗanda aka shigar kafin ke, ki taka a hankali. A sashen gaggawa ba a bin wanda ya riga zuwa, ana bin tsananin ciwo. A tsarin Manchester, wanda asibitoci da yawa ke amfani da shi, mai jan launi ana ganinsa nan take, mai ruwan lemo cikin minti 10, mai rawaya cikin awa ɗaya, mai kore awa biyu, mai shuɗi awa huɗu. A ɗakin ganin likita na yau da kullum ma nas takan tsallakar da wanda awon jininsa ya hau sosai, ko wanda aka aika gwaji ya dawo da sakamako, ko wanda likita daban yake jira. Daga kan benci duk iri ɗaya suke. Son kai yana faruwa, na gani da idona, amma idan kika rubuta "ana shigar da 'yan uwa da abokai" ba tare da kin ji ko kin ga abin da ya tabbatar ba, za a amsa miki da bayanin tantance marasa lafiya, a yi amfani da shi a raunana sauran takardar. Ki mai da shi tambaya: da wane tsari ake kiran mutane, kuma me ya sa ba a faɗa wa masu jira ba?

Abin da mai bincike yake yi da takardarki

Takarda ta iso, an sa mata lamba. Sai a nemo fayil ɗinki, a duba rajistar masu kati, da littafin nas mai awon jini da nauyi, da rajistar ɗakin gwaji, da ta ɗakin magani, da jadawalin waɗanda suka yi aiki ranar. Sai a aika wa likitan da nas ɗin su rubuto nasu bayanin. Duk jimlar da ke takardarki, ko dai ana iya ɗora ta kan ɗaya daga cikin waɗannan a gani, ko ba a iyawa. "Sun wulaƙanta ni" ba ta hawa kan kowace rajista. "An ɗebi jinina wajen 8:30, sakamako ya fito wajen 10:00, ba a kira ni ba sai 1:55" tana hawa, kuma tana nuna wa mai binciken daidai inda awa huɗu ta maƙale. Idan rasit ɗinki ko takardar gwajin suna ɗauke da lokaci, to kin sami shaidar da ba a musu da ita. Inda ba ki da tabbas, ki rubuta "wajen", kada ki ƙago minti. Lokaci ɗaya da rajista ta ƙaryata yana sa a yi shakkar sauran.

Wurin da ya fi wuya shi ne bayanin, don babu rajistar magana. Sau da yawa na buɗe fayil na tarar likita ya rubuta kalma ɗaya tak mai nufin "an yi wa mara lafiya bayani", shi kuma mara lafiyan yana rantsuwa ba a ce masa komai ba. Ba lallai ne ɗayansu yana ƙarya ba. Wani nazari da Roy Kessels ya wallafa a 2003 ya nuna cewa tsakanin kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na abin da ma'aikatan lafiya ke faɗa, marasa lafiya suna mantawa nan take, kuma fargaba tana ƙara mantuwar. Mutumin da aka ce masa "kana da ciwon suga" yakan daina ji daga nan. Likitoci sun san wannan, kuma za su iya kawo shi a amsarsu.

To kada ki rubuta "bai gaya min komai ba", domin ya gaya miki wani abu, ko da sunan ciwon ne da ranar dawowa. Ki rubuta abin da ya faɗa yadda kika ji shi, sannan ki jera abin da kika fita ba ki sani ba: ko da abinci ake sha, abin da maganin zai iya jawowa, abin da za ki yi in ya jawo, wa za ki nema. Wannan ba wanda zai musanta miki shi, don ke kaɗai kika san abin da kika fita da shi a kanki. Kuma ko da a ce ya faɗa cikin sauri kin manta, aikin bai cika ba. Hanyar da ake koya mana ita ce bayan ka yi bayani ka ce wa mara lafiya ya maimaita maka da bakinsa yadda zai sha maganin, ka gyara inda ya kauce, ka kuma ba shi a rubuce. Idan ba a tambaye ki ko kin gane ba, ba a kuma ba ki takarda ba, ki rubuta hakan. Ki tuna da tagar ɗakin magani ma, domin mai ba da magani shi ne kariya ta biyu. Me ya ce? Me ya rubuta a jikin leda ko kwali? In zane biyu kawai ya ja ya miƙo miki, ki ajiye ledar, ki ɗauki hotonta.

Ga yadda zan rubuta in ni ce

Lokutan da ba ki ba ni ba na cike su da misali, ki maye su da naki. A sama ki sa sunanki, lambar katinki, lambar waya, ranar da abin ya faru da sashen da kika je. Sai ki ce:

"Ina rubuto koke kan zuwana ɗakin ganin likita a ranar da na ambata a sama. A ranar aka gano ina da ciwon suga, aka rubuta min metformin. Likita ya faɗa min sunan ciwon, ya ce in dawo bayan wata ɗaya. Ganin bai kai minti biyar ba. Na fita ban san ana shan maganin tare da abinci ba, ban san yana iya sa gudawa da tashin zuciya ba, ban kuma san wanda zan nema in hakan ta faru ba. Ba a tambaye ni ko na fahimta ba, ba a ba ni bayani a rubuce ba. A ɗakin magani an nuna min sau nawa zan sha a rana, ba a ƙara komai ba. Maganin ya dame ni, na daina bayan kwana uku, na zauna ba magani har na koma asibiti.

"A ranar na iso ƙarfe 7:00 ban ci komai ba, kamar yadda aka umarce ni saboda gwajin jini. An ɗebi jinin wajen 8:30. Babu wanda ya ce min zan iya cin abinci bayan nan, ni kuma na ji tsoron tashi kada a kira sunana. Na shiga wurin likita wajen 1:55. A tsawon wannan lokaci ba a sanar da mu dalilin jinkirin ba.

"Ina roƙon abu uku. A haɗa ni da likita ko nas da zai zauna ya yi min bayanin ciwona da maganina. A gaya min a rubuce abin da ya jawo jinkirin tsakanin fitowar sakamakona da kirana, da tsarin da ake bi wajen kiran mutane. A kuma sanar da ni matakin da za a ɗauka don wanda aka gano wa sabon ciwo ya riƙa samun bayanin maganinsa, mai azumin gwaji kuma a faɗa masa lokacin da zai ci abinci. Na haɗa kwafin katina da takardar magani da rasit. Ina jiran amsa a rubuce."

Shafi ɗaya ke nan. Ki duba abin da babu a ciki. Babu zagi, babu "ba su da imani", babu tarihin duk wulaƙancin da danginki suka taɓa sha a asibitin. Ba don fushinki ba shi da hujja ba, yana da ita. Sai dai takardar za ta je hannun likitan da nas ɗin, kuma wanda aka zaga kare kansa yake yi, ba ya tsayawa ya tuna abin da ya faru. In kina so ki faɗi yadda abin ya taɓa ki, jimla ɗaya ta isa, kuma tana da amfani: ki ce kin ji tsoro, ko kin rasa kwanakin aiki. Sunan likitan, in kin sani ki sa, ba laifi. In ba ki sani ba, lambar ɗaki da lokaci sun isa a gano shi daga jadawali.

Jimlar nan ta cin abinci bayan ɗibar jini, ita na fi so a cikin sakin layi na biyu, don irin ta ce ake gyarawa cikin mako ɗaya ba tare da an kashe komai ba. Azumin gwaji yana ƙarewa ne da zarar an zare allura, sai dai in gwajin na shan ruwan suga ne da ake sake ɗiba bayan awa biyu. Mai ɗibar jini ya sani, nas ta sani, kowa yana zaton ɗayan ya faɗa. Na taɓa ganin dattijo da ke shan maganin da ke saukar da suga ya zauna haka har ya fara rawar jiki da gumi a kan benci, alhali jininsa an ɗiba tun da hantsi. Ke jiri da yunwa kika sha, wani kuma abin zai iya kai shi ga suma. Mai karanta takardarki in ma'aikacin lafiya ne, zai ga wannan haɗarin ko ba ki faɗa ba.

Buƙatun na ƙarshe su ne ke hana a rufe maganar da haƙuri. Takardar da ba ta nemi komai ba, an ba ta haƙuri an gama da ita. Wadda ta yi tambaya takamaimai kuwa, dole amsar ta taɓa tambayar, ko kuma a ga ƙarara cewa an kauce mata. Ban sa "a hukunta likitan" ba da gangan. Hukunta ma'aikaci hanya ce daban da ke tsakaninsa da hukumar asibiti ko majalisar da ke ba shi lasisi, ba a cika sanar da mai koke sakamakonta ba, kuma a abin da kika ba ni labari ban ga abin da zai kai can ba. Diyyar kuɗi ma ba ta wannan ƙofar take bi ba, wannan sai da lauya da shaidar cutarwa.

Inda za ki kai ta, da abin da zai biyo baya

Ki tambayi ofishin karɓar koke ko na hulɗa da marasa lafiya. In babu, ki rubuta wa shugaban asibitin, ki ba shugabar ma'aikatan jinya kwafi. Ki je da kwafi biyu, a buga wa naki hatimi da kwanan wata, ki rubuta sunan wanda ya karɓa. Akwatin shawara da ke jikin bango ba wurin wannan takarda ba ne, don babu shaidar ta shiga. Takardunki na asali su zauna a hannunki, kwafi kawai za ki haɗa. Kuma ki yi da wuri. Likitan da ke ganin mutum 30 a rana ba zai tuna ki ba bayan wata biyu, sai abin da fayil ya ce. Wa'adi ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: a Ingila, misali, ana ba mai koke wata 12, asibiti kuma dole ya sanar da shi takardar ta iso cikin kwanakin aiki uku. Ki tambayi na wurinku a lokacin da kike miƙa takardar, ki rubuta abin da aka ce miki a bayan kwafinki.

Mutane da yawa suna tsoron kada a ƙullace su, musamman mai ciwon da zai riƙa komawa wuri ɗaya shekara da shekaru. Ba zan ce miki ba ya faruwa ba, ma'aikata mutane ne. A ƙa'ida ana ajiye takardar koke daban da fayil ɗin jinya, kuma kina iya roƙon a ba ki wani likita. Abin da na fi gani kuwa shi ne, wanda ya rubuta cikin mutunci da hujja ana ƙara kula da shi in ya dawo.

In amsa ta zo, ki ɗora ta gefen buƙatunki uku ki duba ɗaya bayan ɗaya. Amsar da aka yi bincike kafin a rubuta ta tana ɗauke da lokuta daga rajista, tana faɗin wanda aka tambaya da abin da ya ce, tana amincewa da abin da ya tabbata, tana kuma ambaton wanda zai yi gyaran da lokacin da zai yi. Wadda ba a bincika ba za ki gane ta da cewa ana iya aika wa kowa ita: "muna baƙin cikin abin da kika ji", "muna ƙoƙari kullum". In irin wannan kika samu, ki sake rubuta layi uku, ki sa lambar kokenki, ki ce tambaya ta biyu da ta uku ba a amsa ba, ki roƙi zama da shugaban sashen. Irin wannan zaman yakan warware abin da takardu suka kasa, ki je da wani naki ya riƙa rubuta abin da aka faɗa. In an yi shiru har wa'adin ya wuce, ko zaman bai yi amfani ba, sai ki ɗauki kwafin mai hatimi zuwa hukumar da ke sa ido kan asibitin.

Ban yi miki alkawarin layin zai gajarta ba. Yawan likitoci da yawan marasa lafiya sun fi ƙarfin takarda ɗaya, kuma mai yiwuwa wata mai zuwa ma ki yi jira. Buƙatarki ta farko kuwa, zaman bayani, da wuya a hana ki, kuma ba sai kin jira takardar ba. Ranar da za ki koma ki tafi da ledar maganin da tambayoyinki a rubuce: yaya zan sha, me zai iya sa ni, me zan yi in ya sa ni, wane gwaji ya rage. Kafin ki tashi ki ce, "Likita, bari in maimaita in ji ko na gane daidai," ki faɗa da bakinki. Abin da aka gaya miki ranar ki rubuta shi da kwanan wata, don zai shiga takardar a matsayin bayanin da ya kamata ki samu tun zuwan farko.